Naɗin waya biyu na saya, ashe tara gidan zai ci

Da gininmu na Rigasa ya kai ga wayarin, na ce ba wanda zai yi min lissafi, ni zan yi abina. Ɗaki uku da falo ne, na ƙirga soket 24. Fitilu, fankoki da makunnai ba su ba ni wahala ba, ƙirga su kawai ake yi. Wayar soket ce ta kā da ni, wato mai kaurin 2.5.

Na ɗauki tef na bi ƙasa, daga inda akwatin rarraba wuta zai zauna zuwa kowane ɗaki, na samu mita 130. Naɗi ɗaya mita 100 ne, sai na shiga Kasuwar Gumi na sayo biyu, har ina jin na bar rara.

Mai wayarin ya dubi kayan ya ce, "Alhaji, wannan na ɗaki nawa ne?"

Ashe ba a ƙasa wayar za ta bi ba. Ta saman silin take tafiya, ta sauko cikin bututu zuwa soket, ta sake hawa ta nufi na gaba. Bangonmu mita uku ne, soket kuma yana kusa da ƙasa, don haka kowane ɗaya ya ci kusan mita biyar, sauka da hawa. Mita 120 ke nan da ban sa a lissafi ba, hanya ta koma 250. Wannan ma da sauƙi. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne, waya uku ke shiga bututun: ja, baƙa, da koriya ta ƙasa. Na san haka sarai, na sha buɗe soket a gidan haya, amma ranar lissafi ya ɓace min. Kowane launi mita 250, wato naɗi uku-uku. Tara ke nan, ni kuwa biyu na kawo.

Kafin in haɗa kuɗin cikon, farashi ya motsa. Aka nuna min wata mai araha, mai wayarin ya fere bakinta ya nuna min jan ƙarfen siriri ne, ya ce zafi za ta riƙa ɗauka a cikin bango. Na haƙura na sayi mai tsadar.

Kuɗin aiki ma poyin-poyin muka yi ciniki, wato kowane soket ko fitila da kuɗinsa, ban tambayi me yake kira poyin ba. Fitilar da ake kunnawa daga wuri biyu, biyu ya ƙirga ta, fasa bulo don binne bututu kuma daban. Wannan na biya ba musu.

Har yanzu in na ga soket, mita 15 na waya nake gani a bayansa. Esi da hita kuwa ban ma taɓa tef ba, na bar shi ya auna, don kowanne da layinsa na waya mai kaurin 4 tun daga akwati.