Litinin, 30 ga Maris 2026: na kai wasiƙa ofishin albashi

Da hantsi aka raba mana takardun albashin Maris. Rabona da in zauna in karanta takardar layi-layi tun Disamba, domin a Janairu da Fabrairu alat kawai na gani na shiga hidimar azumi da kayan sallar yara. Yau da yake sito babu lodi sai na shimfiɗa ta a kan tebur, idona ya faɗa kan layin da aka rubuta PAYE, wato harajin da ake cira daga albashi. Naira 27,500 cif, ko kwabo babu a kai.

Abu biyu ne suka tsaya mini a rai. A Disamba abin da ake cire mini bai kai 26,000 ba, ga shi kuma tun bara ake ta faɗa a rediyo cewa sabuwar dokar haraji da ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2026 za ta sassauta wa masu ƙaramin albashi, to yaya nawa ya hau? Sannan cikar lambar ta dame ni. Albashina ba a dunƙule ake lissafa masa haraji ba, sai an zare wasu abubuwa tukuna, don haka da wuya ya faɗo a kan lamba mai santsi haka.

Na jawo kalkuleta da bayan wata tsohuwar takardar kaya, na bi lissafin ta baya. Haraji na shekara ne, ana raba shi gida 12 ne kawai don a riƙa cira wata-wata. Na ninka 27,500 sau 12, ya ba ni 330,000. A sabuwar doka naira 800,000 na farko na kuɗin shekara babu haraji a kansu, miliyan 2 da dubu 200 da ke biye kuma ana cire kashi 15 cikin ɗari. Sai na tambayi kaina, 330,000 kashi 15 ne na nawa? Na miliyan 2 da dubu 200 ne daidai. In ka ɗora 800,000 ɗin nan a kai, ka sami miliyan 3, wato albashina na shekara gaba ɗayansa, 250,000 sau 12. Nan na gane inda gizo ke saƙar. An ɗora harajin a kan dukan albashin, ba a zare kuɗin fansho da na asusun gidaje ba kafin a lissafa.

Kuma ga su nan a takardar, ƙasa kaɗan da layin harajin. Fansho 16,000, wato kashi 8 cikin ɗari na gundarin albashi da alawus na gida da na sufuri, waɗanda a wurina suka haɗu 200,000. Asusun gidaje, wanda ake rubuta wa NHF, 3,000, kashi 2.5 na gundarin albashina 120,000. An cire su daga hannuna kamar kullum, amma an lissafa mini haraji kamar suna aljihuna. A shekara sun kama 228,000. In aka zare su daga miliyan 3 saura 2,772,000, a fitar da 800,000 saura 1,972,000, kashi 15 ɗinsa 295,800, a raba 12 ya zama 24,650. Abin da ya kamata a cire mini ke nan. Rarar 2,850 ce kowane wata. Da na dawo cin abincin rana gida na zaro takardun Janairu da Fabrairu daga cikin ambulan ɗin da nake ajiye su, duka 27,500 ne. Wata uku, 8,550.

Maman yara tana zuba mini tuwo ta ce, "Malam, a kan dubu biyu da ɗoriya za ka je ka ɓata da mutanen ofis?" Na ce mata ba faɗa zan je yi ba. In na yi shiru har Disamba kuɗin ya zama 34,200, ya fi kuɗin makarantar ƙaramarmu na zango ɗaya, kuma gumina ne. Ta yi shiru, can ta ce to in tafi da takardun duka ukun, kada in je da baki kawai. Shawararta na bi.

Akwai wani abu da na so in cusa cikin ƙorafin, daga baya na ga bai dace ba. Sabuwar dokar ta soke tsohon rangwamen nan na bai ɗaya da kowa ke samu, na 200,000 da kashi 20 na albashi, ta kawo rangwamen kuɗin haya a madadinsa: kashi 20 na hayar da mutum ya biya a shekara, kada ya wuce 500,000. Ina biyan 400,000 a shekara, don haka rangwamena 80,000 ne, wanda zai rage mini haraji da 12,000 a shekara, dubu ɗaya a wata. Amma wannan ba ya zuwa da kansa. Sai ma'aikaci ya bayyana hayar da yake biya ya kawo shaida, ni kuwa ban taɓa kai musu ko rasit ɗaya ba. Ba zan ɗora wa ofishin albashi laifin abin da ban ba su ba. Sai na raba maganar biyu a wasiƙar, gyaran kuskure daban, neman rangwame daban. Na tabbata da na haɗa su na ce ana zaluntata 3,850, da kan dubu ɗayan nan za a tsaya a yi ta musu, a bar 2,850 ɗin da babu ja a cikinsa.

Bayan azahar na zauna rubutu. Na farkon da na rubuta yaga shi na yi, domin da na sake karantawa zafin rai ne ya cika shi, har da maganar tsadar shinkafa da kuɗin mota. Duk gaskiya ne, amma wanda zai karanta ba zai iya gyara farashin shinkafa ba, lamba ɗaya zai gyara a kwamfuta, kuma ita ya kamata in nuna masa. Na biyun shafi ɗaya ne. Da Turanci na rubuta tunda shi ne harshen fayil a wurinmu, amma ga abin da ya ƙunsa.

A sama na sa kwanan wata, sunana, lambar ma'aikaci da sashen da nake, na nufi wasiƙar ga shugabar sashen albashi. Kan magana: neman a duba harajin PAYE na Janairu zuwa Maris 2026. Sai na ce:

"Ina sanar da ke cewa a takardun albashina na waɗannan watanni uku an cire naira 27,500 kowane wata a matsayin haraji. Bisa lissafina, wannan adadi yana fitowa ne idan an ɗora haraji a kan dukan albashin shekara, naira 3,000,000, ba tare da an zare kuɗin fansho 192,000 da na asusun gidaje 36,000 ba. Idan an zare su, harajin wata zai zama 24,650. Bambancin 2,850 ne a wata, 8,550 a wata uku. Ina roƙon a duba. Idan lissafina daidai ne, a gyara daga albashin Afrilu, a kuma rage rarar da aka cira daga harajin watannin da ke tafe. Idan ni ne na yi kuskure, ina roƙon a ba ni lissafin da aka bi a rubuce."

Jimlar ƙarshen nan da gangan na sa ta. Ni ba akanta ba ne, mai kula da sito ne, zai yiwu akwai abin da ban gani ba. Kuma wanda aka nemi ya kawo lissafinsa a rubuce dole ya zauna ya yi shi, in ya yi kuwa zai ga abin da na gani. A sakin layi na ƙarshe na ce ina so a shigar mini da rangwamen haya, zan kawo rasit da takardar yarjejeniya cikin makon nan. Na liƙa kwafin takardun albashi uku da shafin lissafina, na yi hoton komai gida biyu a shagon bakin ƙofa.

Ban nemi a ba ni kuɗin a hannu ba, da dalili. Harajin da aka cira ba ya zama a kamfani. Ana tura shi ga hukumar tattara kuɗin shiga ta jiha zuwa ranar 10 ga watan da ke biye, don haka na Janairu da Fabrairu sun riga sun tafi. Hanya mafi sauƙi ita ce a daidaita cikin shekarar, tunda jimlar shekara ake dubawa. Shi ya sa ma na ƙi bari sai gobe, na Maris bai tafi ba tukuna.

Wajen ƙarfe uku na hau sama. Ofishin ɗan ƙarami ne, fanka na kaɗa zafi, fayil-fayil jibge har kan kujerar baƙi. Na yi sallama na gaishe da Hajiya, shugabar sashen, na yi mata barka da shan ruwa tunda ba mu haɗu ba tun sallah. Ta karɓi wasiƙar ta gyara tabarau, ta karanta har ƙasa ba ta ce uffan ba, sannan ta ja kalkuletarta ta danna. Na ga ta sake dannawa.

"Malam, wa ya yi maka wannan lissafin?"

"Ni na yi, Hajiya. In da gyara a gyara mini."

Ta kira yaron da ke shigar da albashi ta ce ya buɗe layina. Suka duƙa kan allon. Abin da na fahimta daga maganarsu shi ne, lokacin da aka sauya tsarin lissafi a Janairu an goge layin tsohon rangwamen da aka soke, to ashe zare fansho da asusun gidaje a cikin layin nan yake, sai suka tafi tare. Yaron ya yi ƙasa da murya ya ce, "Hajiya, in haka ne ai ba shi kaɗai ba ne." Ba ta amsa masa ba. Ta juyo ta ce mini ba za ta yi alkawarin komai da baki ba sai akanta ya gani ya sa hannu, amma maganata tana kan hanya. Na ji daɗin yadda ba ta kare kuskuren ba, ba ta kuma yi saurin ba ni gaskiya don in tafi ba.

Na miƙa mata kwafina na ce a buga mini hatimin karɓa. Ta buga, ta sa hannu da kwanan wata. Game da haya ta ce rasit mai sunana da adireshin gidan da shekarar da aka biya take so, ba takardar da aka yaga daga littafin makaranta ba. Nan ne gaba ta ɗan faɗi, domin mai gidanmu dattijo ne, hannu da hannu muke yi da shi shekara shida, shaidarmu ɗansa ne da Allah.

Da la'asar sakaliya na biya ta wurinsa. Na tarar da shi a kan tabarma a ƙofar gida, na durƙusa na gaishe shi, na yi masa bayani. Ya ce, "Rasit kuma, ɗana? Ko wani abu na yi maka?" Na ce, "Ko kaɗan, Baba, a wurin aiki ake nema don a rage mini haraji." Ya ɗan yi jim, ya ce ɗansa zai sayo littafin rasit a kasuwa ya rubuta, in dawo ranar Laraba bayan magariba.

Kwafin mai hatimi yana cikin ambulan tare da sauran takardun. Na rubuta 24,650 a bayansa da jan biro, in rasit ya shiga kuma 23,650, don in san lambar da zan nema ranar da takardar Afrilu ta fito.