Yadda nake gane sanadi: sigari da kansar huhu

A zaman wayar da kai da muke yi da direbobin tirela a Apapa, an sha ce mini: "Malam, hayaƙin dizal da na janareto ne ke cin huhu a Legas, ana dai ɗora wa sigari laifi." Ba na yin watsi da zancen, domin hayaƙin dizal ma yana jawo kansar huhu. Sai dai ganin abu biyu tare bai isa a ce ɗaya ne ya haifi ɗaya ba. Mai yawo da ashana a aljihu ya fi kamuwa da cutar, alhali ashana ba ta da laifi. Don haka nakan bi ma'aunan gane sanadi da masanin ƙididdiga na Birtaniya Austin Bradford Hill ya zayyana a 1965. Tara ne, amma uku na fi riƙewa.

Nakan fara da wanne ya riga wanne, domin shi ne sharaɗin da babu makawa. Likita Richard Doll da Hill sun rubuta yadda dubban likitocin Birtaniya ke shan sigari tun 1951, kafin cutar ta bayyana, sannan suka bi su shekara da shekaru. A nan akwai tarko. In ka duba waɗanda suka daina sha kwanan nan, za ka ga cutar ta yi musu yawa, har ka zaci dainawar ce matsala. A'a, tari da jini ne ya sa wasunsu suka daina, cutar ta riga ta shiga. Shi ya sa nake ware masu sabuwar dainawa kafin na yi lissafi.

Sai ƙarfin alaƙar, kuma shi ya fi amsa tambayar direbobin. Hill ya nuna mashaya sigari suna mutuwa da kansar huhu ninki 9 zuwa 10 na waɗanda ba sa sha. Masanin ƙididdiga Fisher ya ce wataƙila wani abin gado ne ke sa mutum son taba, ya kuma jawo cutar. Wani masanin ƙididdiga, Cornfield, da abokan aikinsa suka amsa a 1959: in wani ɓoyayyen abu ne ya haifar da ninki 9, dole ya fi yawa a mashaya aƙalla sau 9. Nakan ce wa direba, kai da yaron motarka da ba ya sha, ai hayaƙin hanya ɗaya kuke shaƙa; dizal ba zai bayyana wannan tazarar ba.

Na uku, yawan sha ma yana tafiya da yawan haɗari: masu sha da yawa sun kai ninki 20 zuwa 30. Wanda ya daina kuwa, haɗarinsa yakan ragu zuwa wajen rabi bayan shekara 10 zuwa 15.

Ma'aunin da ba na dogara da shi shi ne mai cewa sanadi ɗaya, cuta ɗaya. Sigari yana jawo ciwon zuciya da kansar mafitsara, kuma wanda bai taɓa sha ba yana iya kamuwa da kansar huhu. Da a kan wannan kaɗai aka yi hukunci, da an wanke sigari.