Yadda na gina gajeren labarin tela da hoton takardar lissafi

Labarin na wani tela ne magidanci da ke zuwa ajin yamma na manya. Malaminsu takardar aiki ɗaya gare shi, tambayoyi a gaba, amsoshi a baya, kuma babu kuɗin yi wa kowa kwafi. Sai ya rubuta tambayoyin a allo, ɗaya daga cikin 'yan ajin ya ɗauki hoton bayan takardar ya tura musu a WhatsApp, kowa ya je gida ya duba nasa. Iyakar abin da nake da shi ke nan da na zauna rubutu, kuma ya isa, don a irin wannan labari lissafin shi ne ƙashin baya. In mai karatu bai iya bin lissafin da kansa ba, ba zai ji abin da telan ke ji ba, kome yawan kwatancen zufa da bugun zuciya da aka zuba masa.

Kafin na zaɓi tambayar sai da na tsai da ajin da mutumin yake. Karatun manya a Kano yana da tsari tun da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya a 1980, kuma hawa-hawa ne: akwai ajin farko na koyon baƙaƙe da ƙirga, akwai na gaba da shi ga wanda ya riga ya iya karatu da rubutu. Wanda ke ajin farko ba zai karanta tambayar lissafi mai jimla biyu ba, balle ya yi doguwar rabawa. Don haka na sa telan a aji na gaba. Hannunsa ya saba da fensir, abin da bai zauna masa ba shi ne tsarin rabawa a takarda.

Tambayar da na ba shi ita ce: tela yana da yadi 174, kayan makarantar kowane yaro suna cin yadi 3, yara nawa zai ɗinka wa? Amsar ita ce 58. Ban ɗauki lambobin nan da ka ba. Ina neman lissafin da yake da saura a tsakiya, domin a nan masu koyo suke tuntuɓe. A raba 17 gida 3, a sami 5, saura 2. Wannan 2 ɗin sai an ɗauke ta an jingina ta da 4 ta zama 24, a raba gida 3 a sami 8. Wanda ya manta da saurar zai raba 4 ita kaɗai, ya sami 1, ya tashi da 51 saura 1. To 51 ɗin nan ita ce amsar da telan ya zo da ita gida. Kuskure ne na gaske, mai dalili, wanda duk malamin lissafi zai gane daga kallo ɗaya. Marubuta da yawa sukan jefa kowace lamba a matsayin amsar da ba daidai ba, su ce jarumin ya sami 63 ko 40, alhali babu hanyar da za a bi daga 174 a faɗa can. Mai karatun da ya taɓa koyarwa yana ganin haka zai daina yarda da labarin.

Sai hoton. Shi ma dole aibinsa ya zama irin wanda hoto ke yi da gaske. Na rubuta lambobi a takarda, na ninke ta, na ɗauki hotonta da dare ƙarƙashin ƙwan lantarki don in ga waɗanne ne ke rikiɗa. Abin da na gani shi ne 5 da 3 cikinsu ɗaya ne, daga tsakiya zuwa ƙasa duk sun lanƙwasa dama, bambancinsu yana a ka. In layin ninki ya bi ta kan lambar, ko hasken filasha ya faɗa daidai wurin ya wanke tawadar, 58 sai ta koma 38 sarai. Haka 1 da 7 suke yi, haka 6 da 0 in rubutun ƙanana ne. Na kuma lura cewa in an ɗauki hoton a karkace, layukan da ke nesa da wayar sun fi ƙanƙancewa, saboda haka na mai da tambayar tamu ta ƙarshe a jerin, can ƙasan takardar inda ninkin yake. Sannan WhatsApp yana matse hoto in an tura shi yadda aka saba, sai dai in an tura shi a matsayin Document. Shi ya sa buɗe hoton da yatsu biyu ba ya ƙara kome, dishi-dishin ne kawai yake girma. Wannan ya ba ni motsi mai kyau a labarin: telan yana ta cewa a ƙara buɗewa, lambar tana ta ƙara narkewa.

Da waɗannan biyun a hannu, tsakiyar labarin ta tsara kanta hawa uku. Da farko ya ga amsar hoton ta ƙare da 8, tasa ta ƙare da 1, ya san ya kauce, ya goge. Ya sake bi a hankali, ya tuna da saurar, ya sami 58. Ya koma hoton da murna, sai ya ga 38. A nan labarin yake. Mutumin da ya yi shekaru yana jin cewa duk abin da aka buga a takarda ya fi shi sani, yanzu ga amsarsa daidai, ga takardar tana ce masa a'a. Na bar shi ya goge 58 ɗin, ya rubuta 38 da hannunsa. Sai da ya rubuta ta, ya dube ta, telan da ke cikinsa ya ƙi. Ya yi lissafin yadda yake yi a shago: yara goma yadi talatin, yara hamsin yadi ɗari da hamsin, saura yadi ashirin da huɗu, na yara takwas ke nan. In kuwa yara 38 ne, yadi 114 kawai za su ci, ina sauran sittin ɗin suka shiga? Na kula na rubuta lissafin bakinsa da kalmomi, na takarda kuma da lambobi, don ido ya ga hanyoyi biyu ne, kuma ta bakin ce ta ceci ta takardar.

Mutum shi kaɗai da waya ba ya magana, labari kuwa yana son baki biyu. Na kawo 'yarsa mai aji shida a firamare, ita ke riƙe wayar saboda ta fi shi sanin inda ake taɓawa. Na mai da ita 'yar fari da gangan, domin ba zai kira sunanta ba, kuma akwai nauyin da ke tsakaninsu wanda ba sai na bayyana shi ba. Ita ta san amsar tun tuni, amma ba za ta gyara wa mahaifinta kai tsaye ba. Ga yadda na sa su:

"Ke, ƙara buɗe min nan wurin."

"Baba, iyakarsa ke nan."

"Uku ce ko biyar?"

"Kamar uku, Baba. Amma takardar a ninke take."

Wannan "amma" ita ce duk taimakon da na yarda ta yi masa. In ta karɓi fensirin ta nuna masa, labarin ya zama nata, shi kuma ya zama abin tausayi, wanda ba shi nake nema ba. A rubutun farko irin wannan yarinya takan fito da bakin malamar makaranta, tana jero ƙa'idar rabawa. Maganinsa shi ne a rage mata magana har sai ba ta faɗin abin da ya wuce jimla ɗaya a lokaci guda, sauran a bar wa hannunta: ta karkata wayar, ta rufe hasken da tafinta, ta kalli littafinsa ta kau da kai.

Wajen rabon tsawo, labarin kalma 1,500 ne. Ajin na ba shi kamar 200 kawai, iyakar a ga manya sun takure a bencin yara, a ga malamin da bai kai telan shekaru ba yana ce masa Baba shi kuma yana ce masa Malam, a ga an ɗauki hoton a gurguje ana kiran magariba. Gaggawar nan ita ce dalilin karkacewar hoton, don haka dole a nuna ta tun a nan, a jimla ɗaya, ba tare da an ja hankali kanta ba. Zaman gida bayan isha'i ya ci kusan 1,000. Tarihin abin da ya hana shi karatu yana yaro ban ba shi sakin layi ba. Abu ne da ke jan marubuci, amma da an shiga shi sai lissafin ya huce, mai karatu ya manta ko 51 ake ciki ko 58.

Ƙarshen ya fi kome wuya. Hanya mai sauƙi ita ce washegari malam ya ɗaga takardar a gaban aji ya ce telan ne kaɗai ya ci. Na ƙi ta, domin ta mai da hukuncin hannun takarda, alhali duk tafiyar labarin ta mutumin da ya koyi tabbatar da amsarsa ne ba tare da ita ba. Na tsai da labarin a daren, inda ya ajiye fensir ya ce a miƙo masa biro, ya rubuta 58 da abin da ba ya goguwa. Mai karatu ya riga ya ninka 58 sau 3 tare da shi ya ga 174, ba ya bukatar malam ya shaida.

Bayan na gama na bi labarin da abu biyu. Na ja layi ƙarƙashin kowace lamba na sake lissafa ta a gefe, saboda a labarin da ya rataya a kan 5 da 3, kuskuren bugu ɗaya ya isa ya rushe shi. Sannan na karanta wa wani tela. Bai ce kome game da uban da 'yarsa ba, yadin ya kama. Ya ce ba a yanka yadi 174 ya fita cif babu ƙyalle, kuma ɗan aji ɗaya da ɗan aji shida ba sa cin yadi ɗaya. Ban canza tambayar ba, saboda tambayoyin takarda haka suke. Ƙorafin na ɗauka na sa a bakin jarumin, a farkon zaman gida, yana karanta tambayar yana tsaki: "Wanda ya rubuta wannan bai taɓa riƙe almakashi ba." Jimlar ta yi min aikin da ban shirya ba, don tun daga nan an ji cewa akwai abin da ya sani wanda takardar ba ta sani ba, saboda haka lokacin da ya ƙi yarda da 38 bai zo wa kowa a ba-zata ba.