Fassarar rubutun masana: yadda muke kai hujja Hausa ba tare da ta karye ba

A ɗan kamfaninmu na fassara, aikin da ya fi cin lokaci shi ne rubutun masana, wato rahoton bincike da babin kundin digiri da takardun da ƙungiyoyin lafiya ke son ma'aikatan karkara su karanta da Hausa. Masu kawo aikin galibi suna zaton wahalar tana wurin manyan kalmomi. Manyan kalmomi suna da wuya, amma ana iya nemo su ko a ƙirƙiro su a yi musu bayani. Inda fassara ta fi lalacewa shi ne wurin ƙananan kalmomin da ke ɗaure jimla da jimla, irin su idan, sai idan, saboda haka, wasu, duk. Su ne ke riƙe da hujjar marubuci, kuma su ne mai gaggawa ba ya ko kallo.

Bari mu ɗauki misali daga rubutu kan tarin tibi, wanda wasu ke kira tarin fuka, domin irinsa yana yawan zuwa teburinmu. Hujjar masana a nan tana tafiya daki-daki. Tun 1882 Robert Koch ya gano ƙwayar da ke haddasa ciwon. Babu mai yin ciwon sai ƙwayar ta shiga jikinsa. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya ƙwayar ta taɓa shiga jikinsu, kuma a cikinsu kashi 5 zuwa 10 cikin 100 ne kawai ke kwantawa ciwo a tsawon rayuwarsu. Daga nan sai marubuci ya ce, tunda haka ne, akwai wasu abubuwa da ke sa ƙwayar ta farka a jikin wani ta yi barci a jikin wani, ya kawo ƙanjamau da ciwon suga da shan taba da ƙarancin abinci mai gina jiki.

Tarko na farko yana cikin kalmar kamuwa. Ingilishi yana da kalma ɗaya don shigar ƙwaya jiki, da wata dabam don bayyanar ciwo. Bahaushe kuwa da kamuwa yake faɗar duka biyun. Idan mai fassara ya bar alƙalaminsa ya bi bakinsa, zai rubuta cewa kashi ɗaya cikin huɗu na mutane sun kamu da tibi, amma kaɗan ne a cikinsu ke kamuwa da tibi. Jimlar ta ci karo da kanta, mai karatu ya ce ko dai marubucin ya ruɗe ko an yi kuskuren bugu. Abin da muke yi shi ne mu raba tun daga shafin farko, mu ce ɗaukar ƙwayar ga na farko, kwantawa ciwo ko bayyanar ciwo ga na biyu, sannan mu haramta wa kanmu kalmar kamuwa a duk cikin takardar. Hausar takan ɗan yi nauyi a kunne, mun sani. Malaman makaranta sun koya mana cewa maimaita kalma aibi ne a insha'i, a riƙa sauyawa don daɗin karatu. A rubutun ilimi wannan shawara ɓarna take yi, domin duk lokacin da kalma ta sauya, mai karatu yana da haƙƙin ya zaci abin da ake magana a kai ma ya sauya.

Tarko na biyu ya fi wannan zurfi. Masana suna bambanta abin da dole sai da shi wani abu zai faru, da abin da shi kaɗai ya isa ya sa abin ya faru. Ƙwayar tibi tana cikin kashi na farko, ba ta cikin na biyu. A Hausa bambancin yakan rataya a kan kalmar sai. "Mutum ba ya ciwon tibi sai idan ƙwayar ta shiga jikinsa" magana ce daidai. "Idan ƙwayar ta shiga jikin mutum zai yi ciwon tibi" ƙarya ce, kuma ita ce ainihin abin da marubucin ya zauna don ya rushe. Haka kalmomin muddin da kuma da zarar, dukkansu suna ɗauke da alkawarin cewa abu na biyu zai biyo baya babu makawa, don haka ba a sa su a inda marubuci yake nufin dole sai da shi.

A wannan gaɓa karatun zaure yana taimakonmu fiye da ƙamus. Duk wanda ya zauna gaban malamin fiƙihu ya ji bayanin sharaɗi, cewa rashinsa yana hana abu samuwa, amma samuwarsa ba ta tilasta abin ya samu. Babu salla sai da alwala, amma yin alwala ba ya nufin an yi salla. Wannan shi ne daidai abin da masanin kimiyya yake nufi, kuma mai karatun Hausa ya riga ya san shi, don haka muna cewa shigar ƙwayar sharaɗi ce ta ciwon. Sai dai akwai iyaka. Wasu masu fassara, da suka ga sharaɗi ya zauna daram, sai su ɗauko sababi su ba wa ɗaya ɓangaren. Ba mu yarda da wannan ba. A wurin malaman usulu sababi abu ne da samuwarsa ke kawo hukunci, rashinsa kuma ke kawar da shi, kamar gushewar rana daga tsakiya ga wajabcin azahar. Abin da ya isa shi kaɗai a ma'anar masana kuwa, rashinsa ba ya hana komai, domin wata hanya tana iya kawo sakamakon. Saboda haka mun fi son mu rubuta shi a buɗe, "wannan kaɗai ya wadatar", ko da ya ci kalmomi huɗu a gurbin ɗaya.

Da aka zo kan ciwon suga da shan taba, sai kalmar dalili ta taso, kuma mun fi tsoronta a kan kowace kalma a wannan sana'a. Bahaushe yana cewa dalili yana nufin abin da ya jawo abu, yana nufin hujjar da ke nuna abu gaskiya ne, yana kuma nufin manufar mai yin abu. Idan aka rubuta cewa shan taba dalilin tibi ne, an mai da taba ƙwayar cuta, alhali marubucin cewa ya yi tana ƙara yiwuwar ciwon ya bayyana. A takardunmu, abin da ke haddasawa muna kiransa musabbabi, abin da ke nuna gaskiyar magana hujja ne, taba da suga kuma "abubuwan da ke ƙara haɗari". Idan kuwa bincike bai wuce ganin abubuwa biyu suna tafiya tare ba, sai mu ce an ga alaƙa a tsakaninsu mu tsaya nan, ko da mai aikin ya so a ƙara gishiri.

Korewa ma tana da nata rami. "Ba duk masu ɗauke da ƙwayar ke kwantawa ciwo ba" dabam take da "duk masu ɗauke da ƙwayar ba sa kwantawa ciwo", kuma ba komai ya raba su ba sai wurin da aka ajiye kalmar ba. Haka "ba a sami hujjar cewa maganin yana aiki ba" da "an sami hujjar cewa maganin ba ya aiki". Rikita waɗannan jimloli biyu na ƙarshe yana yawan faruwa a inda aka ga alamar p < 0.05 ko kishiyarta. Kalmar Ingilishin da ke rakiyar alamar, wato significant, a maganar yau da kullum tana nufin mai muhimmanci, sai a fassara ta haka. A ilimin ƙididdiga kuwa abin da take nufi shi ne, da a ce babu wani bambanci na haƙiƙa, da samun sakamako irin wannan ko fiye da shi bisa dace kawai ba zai kai sau 5 cikin 100 ba. Bambancin yana iya zama ɗan mitsitsi marar amfani ga majinyaci ya kuma cika wannan ma'auni. Mukan rubuta "bambancin da ya wuce a jingina shi ga dace kawai", mu bar alamar yadda take.

Tsarin aikin kansa ba shi da wani sirri. Kafin a fassara kalma ko ɗaya, muna sa wa jimlolin kowane sakin layi lamba, mu ja jan layi ƙarƙashin kowace mahaɗa da kowace kalmar adadi da ta shakka, irin su mai yiwuwa da galibi. A gefen takarda a rubuta ƙashin hujjar da gajeriyar Hausa, wace jimla ce tushe, wace ce aka gina a kanta. Sannan a buɗe jadawalin kalmomi mai gida huɗu: kalmar asali, ma'anarta a wannan fanni, Hausar da aka zaɓa, da Hausar da aka hana. Gida na huɗun nan shi ya fi amfani, a nan kamuwa da dalili suke zama. Muna duba ƙamusun Bargery na 1934 da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 don mu tabbatar da abin da kalma ta riga ta ɗauka a bakin mutane, amma ma'anar fanni daga littattafan fannin muke ɗauko ta.

Idan an gama, sai a miƙa Hausar ga wani ma'aikacinmu da bai ga asalin ba. Da yawa suna sa a mayar da fassarar zuwa Ingilishi a gwada, mu ma muna yi idan mai aiki ya nema, sai dai wannan gwaji yana da rauni, domin mai mayarwa ya san fannin, yakan gyara kuskuren a zuciyarsa ba tare da ya lura ba. Abin da ya fi kama ɓarna shi ne tambayoyi. A ba mai karatu Hausar kaɗai, a tambaye shi: bisa wannan takarda, wanda ƙwayar ta shiga jikinsa dole ne ya yi ciwo? Wanda ba ya shan taba ya tsira? Idan amsarsa ta saɓa wa abin da marubucin asali zai amsa, akwai jimlar da ta karye, kuma lambobin nan na gefe su ke nuna wacce ce.

Wannan ne ya sa ba ma karɓar aikin da za a kawo da magariba a ce ana so da safe, kuma shi ne abin da masu ciniki ba sa son ji. Mutum zai zo da rahoto mai shafi arba'in, ya ce ai a shagon buga takardu na bakin makaranta an yi masa kuɗin shafi da bai kai rabin namu ba. Gaskiya ne an yi masa. Irin wannan aikin ne kuma ake dawo mana da shi gyara, Hausa sumul, karin magana har da na ado, amma kowane sai idan ya koma idan, kowane mai yiwuwa ya ɓace. Gyaran irinsa ya fi sabuwar fassara wuya, don dole a bi jimla-jimla ana neman abin da aka zubar, shi ya sa idan aka kawo mana shi muke neman a haɗo da takardar asali, mu ajiye fassarar farko gefe mu fara daga sa lamba.