Maki huɗun da na ci wa wata yarinya a Tawa

Makon gobe zan bar Tawa bayan shekara uku ina koyar da lissafi a matsayin malamin kwantaragi. Ina haɗa kaya na ci karo da takardar wani dabuwar da na yi wa ƴan aji biyar a shekarata ta farko, kuma har yau in na gan ta kunya ke kama ni.

Tambayar mai sauƙi ce. Na tambayi ɗalibai 60 minti nawa suke yi daga gida zuwa lakkol. Daga minti 0 zuwa 10, mutum 12. Daga 10 zuwa 20, mutum 16. Daga 20 zuwa 30, mutum 14. Waɗanda suka rage, galibi masu zuwa daga bayan gari, na tattara su rukuni ɗaya, daga 30 zuwa 60, mutum 18. Na ce a zana istogaram, wato zanen da ake tsayar wa kowane rukuni ginshiƙinsa, a faɗi rukunin da ya fi cunkoso. A takardar gyarana na tsayar da ginshiƙai huɗu masu tsawon 12, 16, 14 da 18, na rubuta amsa: 30 zuwa 60.

Kusan duk aji haka suka yi. Yarinya ɗaya ce ta zana ginshiƙin ƙarshe gajere, tsawonsa 6 kacal, ta ce amsa ita ce 10 zuwa 20. Na sa jan biro na soke, na cire mata maki 4 cikin 20. Da na raba takardu ta ɗaga hannu ta ce, "Mushe, ai na ƙarshen faɗinsa uku ne." Na ce ta zauna.

Ita ke da gaskiya. A istogaram ido ba tsawo yake aunawa ba, filin da ginshiƙi ya cinye yake gani, wato faɗi sau tsawo. In faɗin rukunai duk ɗaya ne, tsawo da fili tare suke tafiya, shi ya sa muke sa adadi a tsaye ba a taɓa kama mu ba. Da faɗi ya bambanta sai asiri ya tonu. A zanena filayen sun zama 120, 160, 140, na ƙarshe kuma 30 sau 18, wato 540. Jimilla 960. Ke nan na ba mutum 18 fiye da rabin hoton, alhali kashi 30 cikin 100 ne na ɗaliban. Wanda ya kalli zanen zai rantse yawancin yaran sun fi rabin awa a hanya.

Maganin shi ne a raba adadi da faɗi, abin da muke rubutawa a allo haka:

densité = effectif ÷ amplitude

Sai a samu 1,2 da 1,6 da 1,4, na ƙarshe kuma 18 a raba 30, wato 0,6. Waɗannan ne dansite, su ne kuma tsawon ginshiƙai, ma'anarsu mutum nawa ne a kowane minti ɗaya. In ka ninka 0,6 da 30, 18 ɗinka ta dawo. Yarinyar ta ɗauki minti 10 a matsayin ma'auni ne, ta raba 18 gida uku ta samu 6, kuma siffar hoton ɗaya ce. Duk manomin Adar ya san wannan: gona mai eka uku da ta ba da dami 18 ba ta fi mai eka ɗaya da ta ba da 16 albarka ba.

Babban malamin sashenmu ne ya gano, don yarinyar ta kai masa takardarta. Da ya kira ni gefe, da na gode masa har abada. A taron malamai ya zana istogaram ɗina a allo, ya ce, "Ga abin da ake turo mana yanzu." Aka yi dariya. Na gyara makin washegari a gaban aji, amma shi ban ƙara shan shayi a teburinsa ba.

Tun daga nan, kafin in zana komai sai na rubuta faɗin kowane rukuni a layinsa. Ina kuma gwada zane da haɗe rukuni biyu: 12 da 16 sun zama 28, in ginshiƙin ya yi tsalle sama to adadi ne a tsaye, in dansite ce zai zauna a 1,4, tsakanin na dā biyun. Na daina rubuta "minti 60 zuwa sama", tunda rukunin da ba shi da iyaka ba shi da faɗin da za a raba da shi. Ita ma 0,6 ɗin ɗauka take an baje mutum 18 daidai cikin minti 30, alhali mai yiwuwa goma sha biyarsu ba su wuce minti 40 ba, kuma zanen ba zai nuna maka ba.

Takardar na sa ta cikin fayil ɗin da zan bar wa wanda zai gaje ni, da jan biron nawa a kanta, ban goge ba.