Kason gobe shi ake fara cirewa daga tukunya

Mu biyar ne a gidanmu, ni da maigida da yara uku, kuma kowace safiya kula huɗu ke fita, uku zuwa makaranta, ɗaya zuwa wurin aiki. Tun da na gaji da kunna wuta da asuba, sai na koma dafa abincin dare yadda ragowarsa za ta cika kulolin nan daidai, ba tare da an zubar da ko loma ɗaya ba.

Awon bai taɓa ba ni wahala ba, domin daga kula nake fara lissafi. Na zuba dafaffiyar shinkafa a kular kowa, na juye na auna da gwangwanin madara, sai na ga ta maigida tana cin gwangwani 3, ta kowane yaro kuma ɗaya da rabi. Da yake shinkafa takan kumbura kusan ninki uku idan ta nuna, abincin rana yana buƙatar ɗanya gwangwani 2 da rabi, na dare kuma 3 da rabi. Nakan ƙara gwangwani ɗaya saboda ƙanzo da kwanon almajiri, jimilla 7 ke nan. Idan an sake buhu dole a sake gwadawa, domin sabuwar shinkafa ba ta kai wadda ta daɗe a ajiye auki ba.

Abin da ya ba ni mamaki, kuma har yanzu yake ɓata mini rai idan na tuna, shi ne lissafin nan duka bai hana kular autana fita babu komai ba. Wata ranar Lahadi na yi dafa-duka gwangwani 7 cif, na juye ta duka a babbar kula na kai falo, sai ga ƙanin maigidana ya yi sallama bayan isha'i. Ya ci ya ce, "Yaya, wannan dafa-dukar ta yi daɗi, a ƙaro mini." Babu matar da za ta ce wa baƙo sauran na gobe ne alhali abincin yana gabansa. Yaran ma da suka ga ana ƙari sai suka miƙo faranti. Da safe abin da ya rage kula biyu ya cika da ƙyar; maigida ya haƙura da tasa, autan kuma na ba shi burodi da kuɗin tara, ya tafi yana waiwayen kulolin yayyensa.

Awon daidai yake, amma abincin da aka ajiye a gaban mutane ba ya jiran gobe. Saboda haka yanzu da zarar na sauke tukunya, kafin in zuba wa kowa, kason gobe nake fara ɗiba da kulolin kansu, in juye shi a faranti mai faɗi, in bar shi a kicin inda ido ba zai kai ba. Abin da ya saura shi ake kaiwa falo, kuma idan baƙo ya zo gara in dafa masa taliya cikin minti goma da in taɓa wancan. Nama ma ƙirga shi nake yi, yanka huɗu a gefe, tunda shi ne yake fara ƙarewa.

Faranti mai faɗin nan yana da dalili. Akwai ƙwayar cuta a shinkafa wadda dafuwa ba ta kashe irinta, kuma idan abinci ya kwana da ɗumi a rufe sai ta hayayyafa ta bar dafi wanda ɗumame ba ya kawar da shi. Yauƙi da tsami alama ce ta lalacewa, sai dai shinkafa tana iya sa amai da gudawa ba tare da ta sauya ƙamshi ba. Don haka nakan baza ta ta huce cikin awa ɗaya, in rufe in sa a firiji. Da safe nakan yayyafa ruwa kaɗan in ɗumama har tururi ya tashi daga tsakiyarta, in ɗauraye kula da tafasasshen ruwa kafin in zuba, kuma sau ɗaya tak nake ɗumamawa.

A lokacin zafi, daga Maris zuwa Mayu, idan na ga babu tabbacin wuta za ta kwana, ba na barin shinkafa ta kai safiya. Miyar tumatir kaɗai nake ninkawa, in soya ta sosai, in ware kason gobe tun kafin a ci, in sake tafasa shi kafin in kwanta da kuma da asuba, sannan in ɗora farar shinkafa gwangwani 2 da rabi yayin da yara suke wanka.