Wata biyu wayata tana kan H a tsakiyar Agege

Wayar nan tokumbo ce, na saye ta a Ikeja, tana da kyau wallahi, ba ko ƙwarzane a jikinta kuma batirinta na riƙe caji. A shagon mutumin na sa sim ɗina na ga ta nuna 4G, na biya na taho. Ina isowa shagonmu a Agege, inda muke sai da yadi ni da yayana, sai ta koma H, in na shiga can ciki wajen da muke jibge kaya har E take nunawa. Wanda bai sani ba, E ɗin nan 2G ce, H da H+ kuma 3G. Hoton atamfa ɗaya da zan tura wa kwastoma sai ya yi ta juyawa har in gaji, ga yayana zaune a gefena, layinmu iri ɗaya, tasa na kan 4G yana kallon bidiyo hankali kwance. To ka ga ba zan ce laifin sabis ɗin unguwa ba ne.

Farko na zargi sim, don tsoho ne sosai, kuma sim ɗin da aka yi kafin zuwan 4G ba ya hawa sai an canza shi. Gwajin ba wuya, na cire nawa na sa a wayar Yaya, nan take ya hau 4G. Nasa kuma da na sa a tawa ya faɗo H. Magana ta ƙare, wayar ce. Duk mai wannan matsalar ya fara da musayar sim ɗin nan kafin ya taɓa komai, minti biyu ne. In kuma wayarka mai sim biyu ce ka duba wanne aka ba data, don tsofaffin wayoyi da yawa sim ɗaya kawai suke ba 4G, ɗayan su bar shi a ƙasa.

Daga nan na shiga setin, wajen da aka rubuta Preferred network type, na ga ai a kan LTE/3G/2G yake, LTE ɗin nan ita ce 4G, wato wayar ce ke zaɓa da kanta. Sai wani yaro mai gyaran waya a layinmu ya ce, Alhaji kawo in tilasta mata. Ya danna wannan a wajen kira:

```
*#*#4636#*#*
```

Ya shiga Phone information, ya gangara zuwa Set preferred network type ya zaɓi LTE only. A bakin titi muke tsaye, sai ga 4G ta fito, sanda ɗaya zuwa biyu. Na yi murna na ba shi na ruwa. Ina komawa cikin shago sabis ya ɗauke gaba ɗaya, ba 4G ba H ba komai. Na ce ba laifi na dinga fitowa waje.

Abin da ban sani ba shi ne na toshe kira. Kwana biyu ba wanda ya kira ni, ni kuma ban lura ba don ta WhatsApp nake yawancin harkata, sai da Yaya ya miƙo min wayarsa ya ce Hajiya ce daga gida, tun jiya take nemanka ba ka shiga. Muryarta kawai na ji na san hankalinta ya tashi, ta ɗauka wani abu ya same ni a Legas. Wannan abin ya dame ni ƙwarai. Dalili kuwa, in waya ko layi ba su da VoLTE, wato kira ta kan 4G, to duk sanda kira ya shigo sai wayar ta sauka 3G ko 2G ta amsa sannan ta koma sama. Da aka kulle ta a LTE only an hana ta saukar. Lambobin nan na tauraro da muke duba kuɗin banki ko sayen kati su ma sun daina tafiya, ina ta zaton matsalar bankin ce.

Na mai da setin yadda yake, sannan na zauna na nemi dalilin da ya sa waje take kamawa ciki ba ta kamawa. A nan na fahimci maganar zango. Kamar dai rediyo, tasha na watsa shiri a kan wata mita, in akwatinka ba shi da wannan mitar ba za ka ji ba ko kana gindin eriyarsu. 4G ma haka take, kowane kamfani da zangon da yake watsawa a kai. A Najeriya waɗanda aka fi amfani da su su ne Band 3 mai 1800, Band 7 mai 2600, Band 20 mai 800, da Band 28 mai 700 wanda Glo ta fara 4G ɗinta a kai. Ƙananan lambobin, 700 da 800, su ne ke tafiya nesa su ratsa bango. 2600 na da gudu amma bulo da kwanon rufi na kashe shi da wuri, ga shagonmu a ƙasan bene, dilolin yadi har rufi.

Wayar Yaya Samsung ce, a nan `*#0011#` ake dannawa ta nuna zangon da take kai. A cikin shago ta nuna Band 20. Tawa na sa mata manhajar NetMonster na fita bakin titi, ta nuna Band 7, ƙarfin sigina da suke rubutawa RSRP yana -112. Lambar nan in tana wajen -80 lafiya lau ne, in ta wuce -110 to da ƙyar ake riƙe da ita, shi ya sa wayar da kanta ke sakin 4G ɗin ta kama H mai ƙarfi. Ashe ba taurin kai take yi ba.

Sai na duba lambar samfurinta a About phone, ba sunan da ke jikin kwali ba, don waya mai suna ɗaya ana yin ta kala-kala gwargwadon ƙasar da za a kai ta. Tawa ta kasuwar Amurka ce. Jerin zangonta 2, 4, 5, 7, 12, 13, 66. A cikin namu huɗun nan 7 kaɗai take da shi, ba 3, ba 20, ba 28. A Ikeja ta kama ne don shagon mutumin a sama yake kusa da taga.

Yaron gyaran nan ya ce akwai wani waje da ake zaɓar zango, a wayoyi masu injin MediaTek ana danna `*#*#3646633#*#*` a shiga BandMode. Gaskiya ne akwai shi, kuma yana da amfani ga wanda wayarsa ke da zangunan duka amma tana naniƙe wa wanda ya cika da jama'a. Sai dai zaɓa kawai ake yi daga cikin abin da wayar ta zo da shi, ba a ƙara mata sabo, don abin a ƙarfen cikinta yake. Wanda ya ce ka kawo kuɗi zai yi mata filashin ta samu Band 20, riƙe kuɗinka. Kuma in ka shiga wajen ka ɗau hoton yadda yake kafin ka cire alamar komai, in ba haka ba za ka iya tafiya Kano ka tarar ba sabis ka rasa dalili.

Na koma Ikeja na yi musaya da ciko. Wannan karon kafin in biya na nemi lambar samfurin na ga 3, 7, 20 da 28 duk suna ciki, sannan na ce oga bari in sauka ƙasa da ita, na shiga lungun matattakala inda ba taga, na sa sim ɗina na kira Yaya, na kashe na ga ta koma 4G da kanta. Tsohuwar kuwa na faɗa wa mutumin matsalarta dalla-dalla, don kar wani ɗan uwa ya ɗauka ya kai ta shago irin namu.